Antibayros da Fayawol: Wane Ne Ke Tsare Me a Kwamfutarka?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Bari mu fara da abin da kusan duk ɗalibi ya sani. Ka gama rubuta furojek ɗinka, ka zuba shi a filash, ka kai shagon da ake buga takardu a bakin makaranta. An buga maka, ka biya, ka dawo ɗaki. Da ka soka filash ɗin a laftof ɗinka, sai ka ga foldojinka duk sun canza kama. Sunayensu suna nan, amma kowace tana da ɗan ƙaramin kibiya a gindinta, girmanta kuma bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Ka danna ɗaya, ta buɗe, ka ga takardunka, hankalinka ya kwanta.

To, a wannan dannawar ce cuta ta shiga kwamfutarka. Kuma fayawol ɗinka yana kunne, lafiyarsa ƙalau, bai ce uffan ba. Ba sakaci ya yi ba. Ba aikinsa ba ne.

Don mu gane dalili, sai mun san yadda kwamfuta ke magana da 'yan uwanta. Duk kwamfutar da ke kan intanet ko kan waifai tana da adireshi, kamar lambar gida. A wannan gidan kuma akwai ƙofofi masu lamba, sama da 65,000, waɗanda masana ke kira fot. Kowace hidima da ƙofarta. Shafukan intanet masu alamar kwaɗo ta ƙofa mai lamba 443 suke bi. Musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows ta 445. Sarrafa kwamfuta daga nesa ta 3389.

Fayawol shi ne maigadin da ke zaune a soro da littafin doka a hannunsa. Duk saƙon da ya zo, tambayoyinsa ba su da yawa: daga ina kake, wace ƙofa kake nema, wace manhaja ce ke jiranka, kuma mu muka aika a kira ka ko kai ka kawo kanka? Wanda ke cikin Windows, yadda ya zo daga kamfani, dokarsa ita ce: baƙon da ba a gayyata ba ya koma, sai in akwai izini a rubuce, na cikin gida kuwa in zai fita, ya fita abinsa. Ku riƙe wannan rabi na biyun, za mu dawo kansa.

Abin da wannan maigadin ba ya yi shi ne kwance ƙunshi. In kai da kanka ka buɗe burawza ka sauko da fayil, a wurinsa saƙo ne da maigida ya aika a kawo. Ko littafi ne a ciki, ko maciji, zai ba shi hanya. Filash kuwa ma ba ta soro ya bi ba. A aljihunka ka shigo da shi har ɗaka.

Kwance ƙunshi aikin antibayros ne. Shi fayil yake dubawa: lokacin da aka sauko da shi, lokacin da aka kwafe shi, da lokacin da za a buɗe shi. Yana da kundin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, yana kwatanta kowane fayil da su. Na zamani yana kuma lura da ɗabi'a, wato ko bai san fuskar manhaja ba, in ya ga tana ɓoye foldoji ko tana kulle takardu ɗaruruwa a cikin minti ɗaya, zai iya damƙe ta.

Mu koma kan filash ɗin nan, mu bi abin da ya faru daki-daki. Kwamfutar shagon tana ɗauke da cutar tun kafin ka zo. Kana soka filash, cutar ta kwafi kanta a ciki, galibi a matsayin ɗan fayil mai ƙarewa da `.vbs`. Sai ta sa wa foldojinka na ainihi alamar ɓuya, ta ƙirƙiri gajerun hanyoyi masu ƙarewa da `.lnk` da sunayensu. Da ka danna, umarni biyu ke tashi: na farko ya kunna cutar, na biyu ya buɗe maka foldarka ta gaskiya don kada ka yi zargin komai. Daga nan ta rubuta sunanta cikin jerin abubuwan da ke tashi duk sanda aka kunna kwamfuta, ta zauna jiran filash na gaba.

Wasu daga cikin irin waɗannan cututtukan suna kuma kiran ubangidansu ta intanet don karɓar umarni. Kun tuna dokar maigadi? Na ciki in zai fita, ya fita. Cutar ta riga ta zama 'yar gida. Saboda haka duk wannan tafiyar, tun daga farko har ƙarshe, mai iya tare ta shi ne antibayros, shi ma in kundinsa sabo ne.

Kuma a nan muke yawan cutar kanmu. Saboda tsadar data, mutum zai rufe sabuntawa wata shida, yana ganin ai yana da antibayros. Kundin alamomin nan kullum ake ƙara masa sababbi. Wanda aka bari wata shida kamar ɗan sanda ne mai yawo da hotunan ɓarayin bara. Ga kuma masu sauko da manhajar kuɗi a ɓagas, wadda umarninta na farko shi ne "kashe antibayros kafin ka saka". Ni dai ban taɓa ganin baƙon kirki da ya ce a ɗaure kare a kashe fitila kafin ya shigo ba.

Yanzu mu juya lamarin, mu ga inda fayawol ne gwarzo.

Ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017, wata cuta mai suna WannaCry ta ɓarke. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Birtaniya, asibitocin gwamnati da dama sun soke ganin likita da tiyata, har aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Tana kulle duk takardun mutum, ta nemi fansar dala 300 a Bitkoyin.

Abin da ya sa ta yi wannan gudu shi ne ba ta buƙatar kowa ya danna komai. Babu filash, babu saƙon yaudara. Akwai wani rauni a tsohon tsarin musayar fayil na Windows, wanda ke sauraro a ƙofa 445. Kwamfutar da ta kamu sai ta shiga ƙwanƙwasa wannan ƙofar a adireshi bayan adireshi, na kusa da na nesa. Inda duk ta samu ƙofar a buɗe kuma ba a toshe raunin ba, ta faɗa ciki, wannan ma ta fara ƙwanƙwasa na maƙwabta.

A sa'o'in farko cuta ce sabuwa, ba kowane antibayros ne ya san fuskarta ba. Amma fayawol ba ruwansa da fuska. Bai san WannaCry ba, ba ya ma buƙatar saninta. In doka ta ce ƙofa 445 a rufe take ga baƙi, magana ta ƙare. Shi ya sa kwamfutocin gida da ke bayan rauta, wato na'urar da ke raba waifai, ba su sha wuya kamar manyan ma'aikatu ba, domin rauta ba ta miƙa baƙon da ba a gayyata ba zuwa ciki. A ofisoshi kuwa an buɗe ƙofar da gangan don ma'aikata su riƙa musayar takardu, sai kwamfuta ɗaya ta kamu ta shafa wa saura.

Wani abin takaici, Microsoft ta fitar da maganin wannan raunin tun watan Maris na wannan shekarar, wata biyu kafin ɓarkewar. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu ba ta shige su ta wannan ƙofar ba.

Me wannan ke nufi ga laftof ɗinka? Windows tana raba hanyar sadarwa gida biyu ga mai amfani da ita a gida: `Private` da `Public`. A `Public`, fayawol yana ɓoye kwamfutarka, yana rufe musayar fayil. A `Private` yana sassautawa, domin ya ɗauka kana cikin mutanenka. In ka hau waifai na otal ko na makaranta ka sa shi a `Private`, ka gaya wa maigadi cewa duk wanda ke wurin ɗan gida ne. Haka nan akwatin da ke faɗowa wani lokaci mai maɓallin `Allow access`: ƙofa ce wata manhaja ke neman a buɗe mata. In ba ka san manhajar ba, ko ba kai ka kunna ta yanzu ba, danna `Cancel`.

Dubawa ba ta cin minti biyu. A Windows 10 ko 11, rubuta `Windows Security` a wurin bincike. Shiga `Virus & threat protection`, ka tabbata `Real-time protection` yana kunne, sannan ka duba ranar da aka sabunta kundin. Koma baya ka shiga `Firewall & network protection`, ka ga ko kowane sashe ya nuna a kunne yake. Duka biyun kyauta suke zuwa da Windows. Kada ka ɗora antibayros biyu masu aiki lokaci guda, kishi za su yi ta yi, kwamfuta ta yi nauyi.

Akwai kuma inda duka biyun ke iya zuba maka ido. Saƙo ya zo cewa za a rufe asusunka na banki, ka danna, shafi ya buɗe mai kama da na bankin sak, ka rubuta lambar sirrinka. Ta ƙofa 443 ka fita, da ƙafarka, fayawol bai ga laifi ba. Babu fayil ɗin da aka sauko, antibayros bai samu ƙunshin kwancewa ba. Wani lokaci burawza kan yi gargaɗi in an riga an kai ƙarar shafin, in sabo ne kuwa shiru za ka ji.

Sai mu koma ga mai furojek, kada mu bar shi a rana. Takardunka ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Kada ka sake danna masu kibiyar nan. Fara sabunta antibayros, ka sa ya yi `Full scan` na kwamfutar, sannan ya duba filash ɗin. Wannan shi ne farko, domin in cutar tana raye a kwamfutar, duk abin da ka gyara za ta sake ɓata shi cikin daƙiƙu. Bayan haka ka buɗe `Command Prompt`, ka rubuta abin da kuke gani a allo, ka sauya `E` da harafin da filash ɗinka ya samu:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Wannan umarnin yana cire alamar ɓuya ne kawai, ba ya kashe cuta. Foldojinka na gaskiya za su bayyana. Goge masu kibiyar, da duk wani fayil mai `.vbs` da ba kai ka ajiye ba. Kwamfutar shagon kuwa tana nan yadda ka bar ta, tana jiran filash ɗinka. In za ka koma buga gyaran da malami ya yi maka, mayar da takardar zuwa PDF ka tura musu ta imel.