Murabaha: Injin Na Wa Ne Ranar da Ya Lalace?

"Na nemi banki ya saya mini injin niƙa ta murabaha, sun ba ni takarda in sa hannu. Me ke kaina, me ke kansu?" Tambayar wani mai sauraro ke nan daga unguwar Birni.

Malam, murabaha ita ce banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da kuka amince da ita. Ka fara duba lambobi uku. A ce bankin ya sayi injin a Kano kan jaka 1,000, ya biya jaka 50 kuɗin mota zuwa Damagaram. Uwar kuɗi ta zama jaka 1,050. Ya ɗora ribarsa jaka 150, jimla jaka 1,200, kana biyan jaka 100 kowane wata har wata 12. Dole uwar kuɗi da riba su fito a takarda, kowace daban, domin cinikin amana ne. Idan dillali ya yi wa banki rangwame, kai ma sai ya sauko maka.

Amma inda na fi so ka tsaya shi ne kwanan wata. Takardar farko alkawari ce kawai, cewa za ka saya. Ciniki ba ya ƙulluwa sai injin ya zama mallakar banki, ya shiga hannunsa ko na wakilinsa. Idan mota ta kife da shi a hanya kafin a sayar maka, asarar ta banki ce, ko dala ba ta hau kanka ba. Wannan kasadar ce ta halatta masa riba. To, in ka ga rasit ɗin dillali da sunanka, ko an sa ka sa hannu a takardar ciniki tun injin yana shagon mai shi, ka dakata. Bashi ne da ruwa aka sa wa rawani.

Daga ranar da ka karɓa kuwa, injin naka ne, lalacewarsa taka ce. Ko kasuwa ta yi kyau ko ta mutu, jaka 1,200 ɗin nan tana wuyanka. Sai dai ba ta ƙaruwa. Ka makara wata biyu, babu damar a sake lissafin riba. Wasu takardun na ɗora tara kan mai jan ƙafa da gangan, amma sadaka ake yi da ita, ba ta shiga aljihun banki. Wanda ya shiga ƙunci na gaskiya, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa.

Kuɗin ajiya da ake bayarwa lokacin alkawarin saye fa? In ka ba da jaka 100 ka fasa, banki ya sayar wa wani da injin jaka 1,020, jaka 30 da ya yi asara daga uwar kuɗi kaɗai zai cire, ya mayar maka da 70. Ribar da ya sa rai da ita ba ta cikin lissafi.

Kuma kada ka ɗauka biya da wuri zai rage maka farashi. Ragin kyauta ce daga banki, ba a rubuta shi a matsayin sharaɗi.