Daƙiƙa Talatin a Gaban Kwamitin Intabiyu

Jama'a, mu fara da lissafi. Mai magana a natse yakan furta kalma 130 zuwa 150 a minti ɗaya. Ke nan idan shugaban kwamiti ya ce "gabatar mana da kanka", abin da daƙiƙa talatin za ta ɗauka bai wuce kalma 75 ba, jimla shida ko bakwai. Wanda ya faro daga ranar haihuwa da makarantar firamare, lokacinsa zai ƙare bai iso aikin da ya iya ba. Waɗannan duk suna cikin takardar da ke gabansu.

Ku saurari wannan, na mai neman aikin akawu:

"Barkanku da safiya. Sunana wane, akawu ne ni. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da littafin kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya. Da na fara, rufe lissafin wata kan ci mana kwana goma. Na sake tsarin karɓar rasit, yanzu kwana huɗu muke yi. Na ga kuna buɗe sababbin rassa, irin wannan aikin ne zai taso muku. Shi ya kawo ni."

Gaisuwa da suna sun ci daƙiƙa biyar, aikin da yake yi yanzu wasu biyar. Kaso mafi tsoka ya tafi ga hujja guda ɗaya mai lamba, kwana goma ya koma huɗu. Bai ce shi haziƙi ne ba, kowa haka yake cewa. Ya ajiye musu abin da za su kama, kuma sau da yawa tambayar farko daga nan take fitowa: "Yaya ka yi?" Ka ga ka jawo su filin da ka fi sani. Sauran daƙiƙun na dalilin zuwansa ne.

To, me ke sa a ji mutum kamar yana karanta allo? Yawanci da biro ya fara, ba da baki ba. Jimlar rubutu doguwa ce, numfashi kan yanke a tsakiyarta. Ku juya abin. Faɗa wa wayarka sau uku tana ɗauka, sannan ka rubuta abin da ka ji. Jimlar da ta gagari numfashi ɗaya, raba ta biyu. Kalmar da ba ka faɗa a hira, cire ta.

Kada kuma a haddace kalma da kalma. Mai hadda muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, idonsa na sama, kalma ɗaya ta ɓace masa sai ya koma farko. Gaɓoɓi huɗu za ka riƙe: suna, aiki, hujja, dalili. Lafazin ya ɗan bambanta kowane karo, haka ake so.

Wajen gwaji ka nemi daƙiƙa 30 cif, domin fargaba kan ƙara sauri a ranar. Fara da kallon wanda ya yi tambayar, kowace gaɓa ka koma kan wani daga cikinsu. Da ka kai "shi ya kawo ni", sauke murya ka yi shiru, ban da "to, shi ke nan dai".