Yadda Ake Gano Lambar Tabarau Ga Wanda Ba Ya Gani Daga Nesa

Ku ɗauki wani rubutu mai ƙananan haruffa, ku rufe ido ɗaya, ku riƙa nesanta takardar da fuskarku a hankali. Ga wanda ke da matsalar gani daga nesa, wadda likitoci ke kira mayofiya, akwai wani wuri da haruffan za su fara yin dishi-dishi. Wannan wurin shi ne iyakar ganinsa, kuma daga tazararsa ake lissafa ƙarfin gilashin da ya dace da shi. Amma kafin lissafi, bari mu leƙa cikin idon.

Haske yana fara ratsa koniya, wato garai-garai ɗin murfin nan mai doro da ke gaban baƙin ido. Mutane da yawa suna zaton lens, wato ɗan ƙwallon nan garai-garai da ke cikin ido bayan koniya, shi ke yin babban aikin, alhali koniya ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku. Ana auna ƙarfin lanƙwasa haske da dayofta. Koniya tana da kimanin dayofta 43, lens ɗin ciki ya cike sauran, jimillar ta kama kusan 60. Abin da ya ba koniya wannan ƙarfi shi ne haske yana shigowa ne daga iska zuwa cikin abu mai kauri irin na ruwa, kuma a irin wannan iyaka yake fi karkata. Shi ya sa in kun buɗe ido a cikin ruwa komai ke dusashewa, koniyar ta rasa iskar da take dogara da ita.

Lens ɗin ciki kuwa, fa'idarsa ita ce yana canza siffa. Akwai wata tsoka da ta kewaye shi, in za a kalli abu na kusa sai ta ɗaure, lens ya ƙara kauri, ƙarfinsa ya ƙaru. In ana kallon nesa sai ta saki. Ku lura da wannan da kyau: ido yana iya ƙara wa kansa ƙarfi, amma in tsokar ta riga ta saki, ba shi da hanyar rage shi.

Duk wannan haske ana so ya haɗu a ɗigo ɗaya a kan retina, tantanin da ke bangon bayan ido. Tsawon idon babban mutum daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. A yawancin masu mayofiya, koniya lafiyarta ƙalau, lens ma haka, ƙwallon idon ne ya yi tsawo. Hasken abu mai nisa sai ya haɗu tun bai kai retina ba, ya sake bajewa, abin da ya isa bango ya zama tabo maimakon ɗigo. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo kusan dayofta 2.5 zuwa 3 na mayofiya. Tunda idon ƙarfi ya yi masa yawa, kuma ba ya iya ragewa, sai a sa masa gilashi mai alamar ragi, siriri a tsakiya, mai kauri a gefe, wanda ke ɗan baza haske kafin ya shiga.

To yanzu lissafi. A auna iyakar gani da mita, wato d, a raba ɗaya da ita, a sa alamar ragi, a sami lambar gilashin, wato P:

```
P = -1 / d
```

Mu ɗauki wata matashiya da rubutu ke dusashe mata da zarar ya wuce santimita 50. Rabin mita ke nan. Ɗaya a raba da 0.5 ya ba da 2, lambarta ta kama -2.00. Abin da gilashin yake yi shi ne ya ɗauki hasken abin da ke can nesa, ya baza shi kamar daga santimita 50 ya taso, inda idonta ke gani tar ba tare da wahala ba. Da a santimita 25 iyakarta take, da -4.00 ne. Da a mita 2 ne, -0.50.

Wannan gwajin takarda ƙiyasi kawai yake bayarwa. A ɗakin gwaji ana zaunar da mutum mita 6 daga allon haruffa, a gwada kowane ido shi kaɗai, ana sauya gilashi mataki-mataki na 0.25. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce a tsaya a kan ragi mafi ƙanƙanta da ya kai mutum ga layinsa mafi kyau. Kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

A ce an ba matashiyar nan -2.75 maimakon -2.00. Za ta ce tana gani rangaɗau, don tsokar idonta za ta ɗaure ta ƙaro dayofta 0.75 ta cike giɓin. Wato ido yana aiki ba hutu ko a kallon nesa, in an zo karatu kuma nauyi ya ninku. Sai ciwon goshi da yamma, gajiyar ido, ƙyamar karatu. Yadda ake ganewa lokacin gwaji: in an ƙara 0.25 ba ta karanta ko harafi ɗaya na ƙari ba, sai dai haruffan sun ƙanƙance sun ƙara baƙi, to an wuce gona da iri, a koma baya. Akwai kuma allo mai rabi ja rabi kore. Hasken kore ya fi ja saurin lanƙwasa a cikin ido, don haka in haruffan ɓangaren ja suka fi fitowa, ragin bai isa ba, in na kore ne, ya yi yawa. Yara kuwa tsokarsu tana da ƙarfi sosai, har takan sa a ga mayofiyar da babu ita, shi ya sa ake ɗiga musu maganin da ke sassauta tsokar kafin a auna.

Sai batun inda gilashin ke zama. Tabarau yana tsayawa kusan milimita 12 daga koniya, lens ɗin da ake liƙawa kuwa a kan koniyar yake. A ƙananan lambobi bambancin bai taka kara ya karya ba, amma daga 4.00 zuwa sama dole a yi lissafi. Mai tabarau -8.00, iyakar ganinsa santimita 12.5 ce daga gilashin. A haɗa da 1.2 na tazara, daga koniya ta zama 13.7. Ɗaya a raba da 0.137 ya ba da kusan 7.3, saboda haka lens na liƙawa -7.25 za a ba shi. In aka kwafi -8.00 yadda take, an koma matsalar ɗazu.

A takardar da za a ba ku, lambar ragin tabarau tana ƙarƙashin SPH. In kun ga wani abu a CYL da AXIS, galibi koniyar ce doronta bai daidaita ta kowane ɓangare ba, kuma ƙara ragi a SPH ba ya gyara wannan. PD kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanu biyu ce, da milimita. In mai yanka gilashi ya kauce da milimita 4 a gilashin -5.00, hoton abin da ke mita 6 zai goce da santimita 12 daga inda yake, idanu su yi ta kokawar haɗa hotunan biyu, mai tabarau ya yi ta kukan jiri alhali lambarsa daidai take.