Umarar Rajab cikin ayari: abin da kuɗinka ya saya, da abin da za ka riƙo a aljihu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Madina nake magana da ku, ina tsaye a ƙofar masaukin da muka kama wa ayarinmu na Umarar watan Rajab. Ni ne nake tarbar baƙin kamfaninmu a nan Saudiyya, don haka duk abin da aka yi muku alkawari a ofis a Kano, ni za ku tarar ku tambaya. Shi ya sa na ce gara in faɗa muku komai da bakina tun kafin kowa ya ciro kwabo.

Bari mu fara da masauki, don a nan ake yawan samun saɓani. Idan aka ce muku "kusa da Harami", ku ce a faɗa muku mita nawa ne, kuma daga ina aka auna. Ku biyo ni da ido. Ga ƙofar otal ɗin a bayana, muna unguwar Markaziyya ta ɓangaren arewa. In na miƙe wannan layin, na wuce shagunan dabino da na turare, ga shingen harabar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har kuna hango manyan lemomin nan da ake buɗewa da rana. Kusan mita 350 ke nan, hanyar a shimfiɗe take, babu hawa babu gangara. Tsohuwa mai sanda za ta je salla ta dawo da ƙafarta, in sha Allahu.

A Makka lissafin ya bambanta. Masaukinmu yana kan titin Ibrahim Khalil, wajen mita 700 daga harabar Harami. Da nisa kaɗan, kuma bayan sallar isha'i titin yakan cika maƙil da mutane, tafiyar minti goma sai ta koma ashirin. Mun zaɓe shi ne a kan otal mai ƙyalli a Aziziyya, saboda wanda ya sauka can sai da mota yake zuwa Harami, kuma motar takan tsaya cak a lokutan salla. Sunayen otal ɗin biyu, na Madina da na Makka, suna rubuce a takardar yarjejeniya. Idan wani dalili ya sa aka sauya, dole wanda za a ba ku ya kasance daidai da shi ko ya fi shi kusa. In ya fi nisa, akwai ragin kuɗi.

Tafiyar dare 14 ce, shida a Madina, takwas a Makka. Kuɗin kujera ya ƙunshi tikitin jirgi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Madina, da na komawa daga Jidda, da jaka biyu masu kilo 23 kowace. Ya ƙunshi bizar Umara, wadda take tafe da inshorar lafiya ta gaggawa. Ya ƙunshi masauki da karin kumallo da abincin dare, da motar da za ta ɗauke ku daga filin jirgi, da wadda za ta kai ku Makka, da ta Jidda ranar komawa. Akwai ziyara sau biyu tare da malaminmu mai bayani da Hausa: a Madina masallacin Ƙuba, da Uhudu, da Ƙiblataini, a Makka kuma Arfa, Muzdalifa, Mina, sai a tsaya a gindin Jabalun Nur da dutsen Saur. Malamin shi zai tsaya da ku a miƙatin Zul-Hulaifa ku ɗaura niyya, kuma ba zai rabu da ku ba sai an gama ɗawafi da sa'ayi.

Motar Madina zuwa Makka bas ce mai sanyi, kuma tafiyar takan ci awa biyar zuwa shida har da tsayawar miƙati. Akwai jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana yin wannan tafiyar cikin kusan awa biyu da rabi. Ba ya cikin kuɗin kujera. Wanda yake so, musamman mai ciwon baya ko mai tafe da tsoho, ya faɗa tun wajen rajista mu yanka masa tikiti ya biya bambancin. Amma ya sani jirgin ba ya tsayawa a miƙati, don haka da haraminsa a jiki zai shiga, ya yi niyya a ciki, manyan jakunkunansa kuma su bi bas.

To, yanzu ga abin da ba ya ciki, kuma don Allah a saurari wannan sosai.

Fasfo naka ne, kai za ka yi abinka, kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare daga ranar tafiya. Katin rigakafi ma haka, na shawara da na sanƙarau. Abincin rana ba ya ciki, mun bar shi da gangan saboda yawancin mutane suna Harami tsakanin azahar da la'asar, ba sa dawowa. Layin waya, wanki, aski bayan Umara, kayan harami, tsaraba, duk daga guzurinka za su fito. Wanda ya so ƙarin Umara ya tafi Tan'im, masallacin Nana A'isha, kuɗin tasi nasa ne. Wanda fidiya ko yanka ya hau kansa, shi zai biya. Ruwan Zamzam na tafiya gida jarka ɗaya ce mai lita 5 ga kowane mutum, a filin jirgi ake saya, kuma da kuɗinka.

Akwai wasu biyu da suka fi damuna, domin su ne suke sa mutane hawaye. Na farko keken tura marasa ƙarfi. Mutum ya taho da mahaifiyarsa, sai an zo ɗawafi ya gane ba za ta iya zagaye bakwai ba, balle Safa da Marwa. Masu turawa a Harami kuɗi suke karɓa, kuma farashin yana hawa in cunkoso ya yi yawa. In ka san Hajiya ba ta da ƙafa, ka ware wannan kuɗin daban tun daga gida. Na biyu kayan da suka wuce kima. Dabino da darduma da jallabiya suna da nauyi fiye da yadda ido yake gani, kuma a Jidda ma'auni ba ya jin roƙo. Muna ajiye sikeli a masaukin Makka, kowa ya auna jakarsa kwana biyu kafin tashi.

Shiga Rauda kuma ba a sayar da shi, kyauta ne, amma sai da izini ta manhajar Nusuk. Za mu zauna da kowa mu taya shi nema a wayarsa, sai dai gurbin ba a hannunmu yake ba. Duk wanda ya ce muku ku ƙara kuɗi ya tabbatar muku da Rauda, ku yi hattara da shi.

Mu zo kan kuɗi. Ɗakin mutum huɗu dala 2,000 ne kowane mutum, na mutum uku 2,200, na mutum biyu 2,500. Me ya sa muke faɗar dala alhali naira za ku biya? Saboda otal da mota da biza duk da riyal muke biyan su, riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Naira ce take hawa da sauka. Don haka kowane biya ana lissafa shi ne da canjin ranar da aka biya, kuma abin da ka riga ka biya ya kulle, ba mai taɓa shi.

Biya kashi uku ne. Kashi 40 cikin ɗari kafin alƙalami ranar rajista, da shi muke riƙe maka kujerar jirgi da gado. Wani kashi 40 idan saura kwana 45 a tashi, da shi ake yanka tikiti a nemi biza. Ragowar kashi 20 idan saura kwana 21.

Mu ɗauki mai ɗakin mutum huɗu. Zai ba da dala 800, sannan 800, sannan 400. A ce, don misali kawai, ranar rajista dala tana naira 1,500. Ya biya naira miliyan 1 da dubu 200, wannan dala 800 ta fita daga wuyansa. Sai kafin biya na biyu dala ta koma 1,600. Ba za a dawo masa kan na farko ba, amma sauran dala 1,200 da sabon canji zai biya, wato ƙarin naira dubu 120 ke nan a kan abin da ya lissafa da farko. In kuma dala ta sauko, shi ya ci riba. Shawarata, wanda kuɗinsa yake hannu ya biya gaba ɗaya ya huta. Wanda kuma yake jiran kwasar adashe ko cinikin amfanin gona, ya bar ɗan sarari a lissafinsa.

Idan uzuri ya taso fa? Haihuwa, rashin lafiya, rasuwa, babu wanda ya fi ƙarfinsu. Wanda ya fasa kafin biya na biyu, za a mayar masa da kuɗinsa a cire dala 100 ta hidima. Kafin a nemi biza kana iya sa ɗan'uwanka a gurbinka ba tare da asara ba. Da zarar biza ta fito, kuɗinta ya tafi, domin hukumar Saudiyya ba ta mayarwa, tikiti kuma sai abin da kamfanin jirgi ya dawo da shi. In saura ƙasa da kwana 21, otal ma ya riga ya karɓi nasa, sai dai in mun samu wanda zai maye gadon. Idan kuwa daga wajenmu matsalar ta fito, muka kasa tafiyar da ku, kuɗinku cif za su dawo cikin kwana 14. Wannan ma a rubuce yake.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba ma sassauci a kansa. Bizar Umara ba ta aikin Hajji ba ce, kuma ba ta zama ba ce. Wanda ya zo da ayari da ayari zai koma. Mai niyyar maƙalewa ya jawo wa kansa tara da kora da hana shiga ƙasar, ya kuma jawo wa kamfani hukuncin da zai iya toshe hanyar bayin Allah da suke jira a baya. Don Allah kada a sa mu a wannan hali.

Wajen biya, asusun banki mai sunan kamfani kaɗai za ku tura wa kuɗi. Kada ku tura asusun wani mutum, ko da ni ne na ba ku lambar. Kowane biya a karɓi rasit mai hatimi, wanda aka rubuta adadin naira da na dala da canjin ranar. Ku nemi a nuna muku lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, na bana, hakkinku ne, kuma ku yi wa kowane kamfanin jirgin yawo wannan tambayar, ba mu kaɗai ba.

Kujeru 45 ne, daidai bas ɗaya, don malami ya iya sanin kowa da fuska. Mai zuwa rajista ya taho da fasfonsa, da hoto mai farin bango, da katin rigakafi, ya karɓi takardar yarjejeniya ya tafi da ita gida. Ya karanta a natse, ko ya ba wanda ya yarda da shi ya karanta masa, sannan ya dawo ya sa hannu. Allah ya kira mu baki ɗaya, ya karɓi ibada. Wassalamu alaikum.