Yadda ake tsara rahoton gwajin ADHD na manya: laccar da aka yi wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. To abokan aiki, yau zan yi magana ne a kan takardar da muke rubutawa bayan mun gama ganin babban mutum da ake zaton yana da ADHD, wato larurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Kuma zan yi ta ne da labarin mutum guda, na canza wasu abubuwa nasa yadda ba mai gane shi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu, rahotanni ne da ke zuwa hannuna, sai ka ga layi uku kacal: ya cika fom ɗin ASRS, makinsa ya hau, yana da ADHD, a ba shi magani. Wallahi wannan yana damuna. ASRS ɗin nan tambayoyi 18 ne, sashen farko guda 6, idan 4 daga ciki suka faɗa akwatin da aka yi wa duhu to ya kamata a zurfafa bincike, iyakar abin da yake gaya maka ke nan. Wanda ya kwana uku bai yi barci ba ma zai cika shi ya hau. Shi rahoto aikinsa shi ne likitan da bai taɓa ganin mutumin ba ya karanta, ya ga daga bakin wa ka ji kowace magana, ya ga kuma yadda aka yi ka kai ga hukuncinka. Kuma tambaya ɗaya ce take riƙe da shi daga sama har ƙasa: tun yaushe?

Mutumin namu shekararsa 32, akawu ne, yana da mata da 'ya'ya biyu. Da ya zauna sai ya ce min, likita ni dai ban san me ke damuna ba, takardar gargaɗi biyu aka ba ni a ofis cikin shekarar nan, kuma aikin na iya shi, ƙarasawar ce take gagarata.

Farkon rahoto gajere ne, ba sai na tsaya a kai ba: wa ya turo shi, me ake so a sani, ranakun da aka gan shi, da izinin da ya bayar. Amma a ƙarƙashinsa dole ka lissafa majiyoyinka. A nasa na rubuta zama biyu da shi kansa, hira da matarsa ido da ido, hira da mahaifiyarsa da yayarsa ta waya, katin sakamako uku na firamare, sai tsararriyar hira ta DIVA-5. Mai karatu yana ganin wannan ya san nauyin da zai ba sauran takardar.

Sai alamomin yanzu. DSM-5, wato littafin sharuɗɗan gano cututtukan ƙwaƙwalwa, ta kawo alamomi 9 na rashin tsayar da hankali, 9 na rashin zama da gaggawa. Yaro sai ya cika alamomi 6 a ɓangare ɗaya, amma daga shekara 17 zuwa sama 5 sun isa, su kai wata 6 aƙalla, a gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wajen aiki, kuma suna ɓata masa rayuwa da gaske. Kar ka rubuta "yana da mantuwa" ka wuce, kowa ma yana mantuwa. Rubuta abin da ya faru. Na rubuta cewa sau uku cikin wata biyu ya bar makulli jikin mashin a bakin kasuwa, ya manta bai je ɗauko 'yarsa daga makaranta ba har malama ta kira gida, lissafin ƙarshen wata kuma yakan bar shi sai daren ƙarshe ya kwana a kai sannan ya tsallake layuka. A ƙarshe ya cika 7 cikin 9 na ɓangaren hankali, 2 kawai na ɓangaren rashin zama. Ku lura, babba ba lallai ka gan shi yana hawa teburi ba, sau da yawa abin ya koma ciki, zai ce maka jikinsa a zaune yake amma kansa yana gudu.

Yanzu wurin da nake son mu daɗe, wato shaidar na kusa da shi. Sharaɗi ne a ce wasu alamomin sun bayyana kafin shekara 12. Mutum mai 32 ba zai iya tuna kansa yana ɗan shekara 8 da kyau ba, kuma wanda yake cikin ƙunci yau duk yarintarsa baƙa yake ganinta. Shi ya sa muke neman wanda ya rene shi, bayan shi ya yarda, kuma ka rubuta cewa ya yarda.

Na kira mahaifiyarsa, na ce Hajiya ina wuni, ɗanki ne ya ba ni izini in yi miki tambayoyi a kan yarintarsa. Ta ce "yaron nan? ai lafiyarsa ƙalau." Ko sunansa ba ta kama ba, don shi ne ɗanta namiji na fari kuma an sa masa sunan surukinta. Da na rubuta "mahaifiya ta ce babu komai" na rufe, da na zalunce shi. Uwa a wajenmu ba za ta zauna tana jera wa baƙo aibin ɗanta ba, ga kunya, ga tsoron kar a ce yaronta taɓaɓɓe ne. Sai na sauya tambayar. Ban ce yana da matsala ba, na ce Hajiya idan za ki yi aike mai muhimmanci, cikin yaran wa kike tura wa? Ta ce ƙaninsa. Na ce me ya sa ba shi ba? Ta ce ai shi in ka aike shi sayen manja da gishiri sai ya dawo da ɗaya, ko ka leƙa ka same shi tsaye yana kallon masu gyaran keke da kuɗin a hannu. Kun ga shaida ta fito, kuma da kalmominta na saka ta a rahoton.

Wani abu kuma, kar ka ce "kafin ya kai shekara 12", mutane da yawa ba sa lissafi haka. Ka ɗaure maganar da wani abu da ake tunawa: kafin ya gama aji shida, lokacin da ya fara azumi, kafin a tashi daga tsohon gida. Yayarsa ce ta ce min tun yana aji uku ake saya masa fensir kusan kowane mako, a makarantar allo kuma malam yakan ce kansa na ja amma ba ya tsayawa kan allonsa. Katin firamare na aji huɗu, malamin ya rubuta yana da ƙoƙari amma ba ya mai da hankali. Matarsa kuwa shaidar yanzu ce, ba ta san yarintarsa ba, don haka kar ka haɗa maganarta da ta uwa a sakin layi ɗaya. Kowa da nasa, da abin da ya gani da idonsa, da tsawon zaman da ya yi da shi. Inda suka saɓa ma ka rubuta. Shi ya ce ba ya katse mutane a magana, matar ta ce yana yi, na rubuta duka biyun ban ɓoye ɗaya ba.

To sai bambancewa da sauran cututtuka. Nan ma kar ka jera sunaye ka ce duk an kawar. Kowanne ka ba shi jimla biyu ko uku, me ya sa ka yi zatonsa, me ya sa ka ajiye shi ko ka riƙe shi. Kuma ma'aunin dai shi ne lokaci. ADHD tare ake girma da ita, kullum tana nan, sauran kuwa yawancinsu suna da ranar farawa.

A nasa ciwon damuwa na nan, wata 8 yana fama da ƙuncin rai da rashin jin daɗin komai, ya fara ne bayan gargaɗin farko. Amma mantuwa da watsewar hankali sun riga shi da fiye da shekara 20, don haka na rubuta shi a matsayin abin da ya hau kai, ba shi ne tushe ba. Baifola, wato ciwon nan mai hawa da saukar yanayin rai, na tambaya sosai, don ita zuwa take ta tafi, mutum ya yi kwanaki yana barcin awa biyu bai gaji ba, yana ta surutu da kashe kuɗi, kowa ya ga ya canza. Shi da matarsa duk sun ce bai taɓa yi ba. Wannan tambayar ba a tsallake ta, domin maganin ADHD mai zaburarwa zai iya tayar da ita.

Shaye-shaye kuma sai da na keɓe da shi, ba a gaban matarsa ba. Ya ce ya sha taramol daga shekara 26 zuwa 28 don ya iya zama kan aiki, ya daina shekara 4 ke nan. Taramol da kodin da wiwi duk suna ɓata hankali, amma nasa alamomin sun riga shan, kuma sun ci gaba bayan ya bari. Na tambayi matar ko yana munshari har numfashi ya ɗauke cikin barci, ta ce a'a. Babu tarihin farfaɗiya ko buguwa a ka, babu wani tashin hankali da ya gani yake dawo masa. Gwajin jini da na tayirod sun fito daidai.

Sai hukunci, kuma shi ne sakin layin da kowa zai fara karantawa, don haka ya tsaya da ƙafarsa. Ga yadda na rubuta nasa: ya cika sharuɗɗan ADHD, nau'in da rashin tsayar da hankali ya fi rinjaye, alamomi 7 cikin 9, an tabbatar da farawarsu kafin shekara 12 daga bakin mahaifiya da yaya da katin makaranta, suna shafar aiki da gida, tare da ciwon damuwa matsakaici na wata 8, da tarihin shan taramol da ya bari. A shawarwari na sa a auna hawan jini da bugun zuciya da nauyi, a tambayi tarihin ciwon zuciya a dangi kafin a fara metilfenidet, wato maganin nan mai zaburarwa, a sa ido sosai saboda tarihin taramol, in ana tsoron ya riƙa shan sa ba bisa ƙa'ida ba akwai wani maganin, atomoksetin, a kuma kula da damuwar tare. Takardar da za ta je ofishinsu daban ce, gajera, babu zancen taramol ko sirrin gida a ciki.

Na'am 'yar'uwa, ina jin ki. Tana tambaya ne idan iyayen sun rasu fa, ko babu kati ko ɗaya. Yana faruwa da yawa. Ki nemi yaya ko gwaggo ko kawu, ko abokin da suka yi firamare tare. In duk babu, akwai fom ɗin WURS mai tambaya 25 a kan yarinta, amma ki tuna shi ma daga tunanin mutumin yake fitowa. Sai ki rubuta ƙarara cewa tarihin yarinta daga bakinsa kaɗai aka samu, hukuncin na wucin gadi ne, a fara magance damuwar ko matsalar barcin da kika gani, ki sa ranar da zai dawo a sake duba shi, misali bayan wata uku.