Kwana uku kafin a rufe ƙofa: wane PR za a fara dubawa?

Assalamu alaikum. Yau za mu duba halin da duk mai kula da manhaja yake samun kansa a ciki. Saura kwana uku a rufe reshen da za a fitar, ga PR, wato buƙatun shigar da canji cikin kod, sun taru, masu duba kod ba su fi biyu ba, kuma kowa cewa yake nasa ne na gaggawa. Da wanne za a fara? Zan yi bayanin ne da tsarin masu haɗa Python, domin a fili suke aikinsu, kowa na iya shiga GitHub ya gani da idonsa.

Python na fitar da sabuwar siga duk shekara a watan Oktoba. Mu ɗauki 3.13. Ranar 8 ga Mayu 2024 aka fitar da beta ta farko, wato sigar gwaji, aka ware reshe mai suna `3.13`, shi kuma babban reshe, `main`, ya ci gaba da karɓar aikin 3.14. Daga wannan rana, sabon fasali ba ya shiga `3.13`, sai gyaran kuskure. Da aka kai matakin `rc` a watan Agusta, wato matakin gwaji na ƙarshe kafin fitarwa, ƙofar ta ƙara ƙuntata: gyara ba ya shiga sai wani daga cikin manyan masu haɗa Python ya duba shi, kuma sai matsalar ta yi tsanani, kamar wadda ke kayar da shiri gaba ɗaya. Burinsu shi ne kada a taɓa kod tsakanin `rc` na ƙarshe da fitarwa.

To, abu na farko shi ne ka ga layin da ke gabanka. Ku dubi allo:

```
gh pr list --repo python/cpython --base 3.13
```

Wannan zai nuna maka PR ɗin da suka nufi reshen fitarwa kaɗai. Kada ka bi su bisa wanda ya riga zuwa, kada kuma ka bi wanda marubucinsa ya fi naci. Tambaya biyu za ka yi wa kowanne. Idan muka fitar ba tare da shi ba, wa zai cutu, kuma yaya girman cutar? Idan muka shigar da shi yau, me zai iya ɓatawa, kuma kwanakin da suka rage sun isa mu gano ɓarnar? Mutane da yawa tambaya ta farko kawai suke yi, alhali ta biyun ce take ƙara nauyi kullum ranar rufewa tana matsowa.

Mu ƙaddara guda huɗu ne a gabanmu. Na farko layi shida ne, yana gyara faɗuwar shiri da ba ta faruwa a 3.12, kuma ya zo da gwajin da ke faɗuwa idan aka cire gyaran. Na biyu sabon zaɓi ne a wani aiki, an rubuta shi da kyau, mutum biyu sun amince da shi. Na uku yana gyara wani tsohon kuskure da ya shekara da shekaru, amma ya taɓa layi ɗari huɗu a fayil goma. Na huɗu gyaran rubutu ne a takardun bayani.

Na farko shi ne a gaba, babu jayayya. Abin da ya yi aiki bara kuma ya daina bana ya fi tsohon kuskure muni, domin mutumin da ya sabunta da zuciya ɗaya shi ne zai kwana a ciki. Irin wannan ne a Python ake liƙa wa lakabin `release-blocker`, wato ba za a fitar ba sai an warware shi. Akwai kuma `deferred-blocker`, wanda ba zai tsayar da wannan fitarwar ba amma zai tsayar da wata mai zuwa. Wannan lakabi na biyu yana da amfani ƙwarai, don yana ba ka damar ce wa mai PR "mun ga muhimmancinsa, amma ba yau ba", kuma maganar ta zauna a rubuce.

Na biyu, komai kyansa, gidansa `main`. Amincewar mutum biyu ba ta mayar da sabon fasali gyara.

Na uku ne ke raba kan mutane, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Kuskuren gaskiya ne, gyaran ma mai yiwuwa daidai ne. Amma masu amfani sun daɗe da sanin wannan kuskure, wasu ma sun gina kod ɗinsu ta yadda zai kauce masa. Layi ɗari huɗu da ba su taɓa shiga beta ba, babu wanda ya gwada su a kan aikin gaske. Ni a ganina ya jira. Ba jiran shekara ba ne ma: 3.13.1 ta fito a Disamba, wata biyu bayan ta farko. Na huɗu kuwa ba ya taɓa abin da na'ura ke gudanarwa, sai a bar shi zuwa lokacin da mai dubawa ya samu sarari.

Kafin ka danna `Merge` a kan na farkon, duba abu ɗaya: gyaran ya riga ya shiga `main`? Ƙa'idar ita ce a gyara a `main`, sannan a kwafo zuwa reshen fitarwa. A Python ana sa lakabin `needs backport to 3.13`, wani asusun atomatik mai suna `miss-islington` ya buɗe PR ɗin kwafin. Idan da hannu za ka yi:

```
git cherry-pick -x <commit>
```

Wannan `-x` ɗin yana rubuta inda aka ɗauko gyaran a cikin saƙon. Idan ba ka ga wannan layi ba, tambaya. Gyaran da ya shiga reshen fitarwa kaɗai zai ɓace, kuskuren ya dawo a siga ta gaba. Idan kuma kwafin ya ci karo da kod ɗin reshen har aka warware da hannu, ɗauke shi a matsayin sabon aiki, a sake duba shi layi-layi, domin amincewar da aka bayar a `main` ba ta rufe abin da aka sauya ba. Haka nan, alamar kore ta gwaji ta jiya ba hujja ba ce idan wani gyara ya shiga reshen da safiyar yau. A sake gudanar da gwajin.

Akwai wani nau'in PR da ya kamata ya tsallake layi, shi ne na janye canji. Ga abin da ya faru a zahiri. An tsara fitar da 3.13.0 ranar 1 ga Oktoba 2024. Ana gab da ranar, sai aka gano cewa sabon tsarin kwashe shara daga ƙwaƙwalwa, mai aiki kaɗan-kaɗan, yana jawo nawa sosai a wasu ayyuka, ciki har da Sphinx, manhajar haɗa takardun bayani. Hanya biyu ce: a yi ta facin sabon tsarin cikin gaggawa, ko a koma tsohon da aka shekara ana amfani da shi. Aka zaɓi komawa tsohon. Thomas Wouters, mai kula da fitarwar, ya fitar da `rc3` a ranar 1 ga Oktoban, aka ɗage fitarwa zuwa 7 ga wata.

Ku lura da kyau, ba a janye canjin an fitar a rana ɗaya ba. Janyewa ma canji ne, kuma babba, don haka aka ba shi kwana shida a hannun masu gwaji. Wannan ya shafi kwana ukunmu kai tsaye. Cikin gyare-gyaren da ka yanke cewa dole su shiga, wanda ya fi haɗari shi za ka shigar yau, ya samu kwana biyu ana gwada shi, ƙananan su biyo baya gobe. Idan kuwa babban gyaran dole ya iso a daren ƙarshe, je wurin mai kula da fitarwa da lambar PR ɗin da sakamakon gwajinsa, ka nemi a ɗage ranar.