Jawabin Buɗe Baje Kolin Zane-zane a Makaranta: Yadda Ɗalibi Zai Tsara Shi

An jera kujeru a babban ɗakin taro, an rataye zane-zane a bango, tukwane da ƙorai suna kan tebura, baƙi sun zauna. Sai mai gabatarwa ya kira ɗalibin da zai yi jawabin buɗe taro. Daga wannan lokacin, abin da ke hannun ɗalibin bai wuce minti uku ba, kuma a cikinsu zai gai da manya, ya gode wa malamai, ya kuma bayyana jigon baje kolin ta yadda mutane za su ƙagu su tashi su je gaban ayyukan. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin aikin jawabin. Idan an gama magana baƙi ba su san abin da za su fara dubawa ba, to jawabin bai kai inda aka aike shi ba.

Mu fara da tsawo. Mai magana a gaban jama'a cikin natsuwa yakan furta kalma kamar 120 a minti ɗaya, don haka minti uku na nufin kalma 350 ko kusa da haka, wato shafi ɗaya da rabi na littafin rubutu. Ku raba shi haka: daƙiƙa 30 ga gaisuwa, daƙiƙa 40 ga godiya, minti ɗaya da rabi ga jigo, abin da ya rage kuma a miƙa taro ga wanda zai buɗe shi. Dalilin taƙaitawar shi ne, bayanku shugaban makaranta zai yi magana, babban baƙo ma zai yi, ga kuma ƙananan ɗalibai a tsaye a bayan ɗaki cikin zafi.

Gaisuwa ita ce wurin da aka fi yin tuntuɓe. Bayan sallama, ana bin girma ne daki-daki: babban baƙo, sai mai riƙe da sarauta idan ya halarta, sai shugaban makaranta, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, malamai, iyaye, sannan 'yan'uwa ɗalibai. Wannan jerin yakan sauya daga taro zuwa taro, musamman idan hakimi da jami'in ma'aikatar ilimi suka haɗu a wuri ɗaya, saboda haka kada ɗalibi ya yanke wa kansa hukunci. Tun ana gobe taro ya karɓi jerin a rubuce daga ofishin shugaban makaranta, da cikakken suna da muƙamin kowa. Da safiyar ranar kuma ya sake tambaya, domin sau da yawa babban baƙo ba ya zuwa da kansa, wakili yake turowa. Ɗalibin da ya gai da wanda bai zo ba, ya tsallake wanda ke zaune a gabansa, ya ɓata ran baƙo tun kafin ya shiga magana. Kuma a tsaya a kan mutum biyar ko shida. Sauran a haɗa su a jimla ɗaya: "da dukkan manyan baƙinmu, Allah ya ƙara girma."

Sai godiya. Yawancin ɗalibai sukan ce, "Muna godiya ga malamanmu bisa jajircewarsu da sadaukarwarsu." Ba laifi ba ne, amma ana iya faɗin wannan a taron wasanni ko na bikin yaye ɗalibai, kuma babu malamin da zai ji an taɓo aikinsa. Godiyar da ke shiga rai ita ce wadda ta ambaci abin da malamin ya yi da hannunsa. Ku saurari bambancin:

"Muna godiya ga malaminmu na zane. Tukwanenmu na farko sun farfashe a wuta saboda mun yi gaggawa, ba mu bari sun bushe ba. Malam bai yi mana faɗa ba, ya sa muka sake kwaɓa yumɓu, ya nuna mana yadda ake shanya su a inuwa har su bushe sarai kafin a gasa. Malam, tukwanen da ke kan teburin can, haƙurinka ne. Allah ya saka da alheri."

Cikin 'yan jimloli an gode wa malami, baƙi sun koyi wani abu game da ginin tukunya, kuma idanunsu sun riga sun koma kan tebur. Haka ake so. Amma abin da za a faɗa ya zama ya faru da gaske, domin malamin da 'yan aji suna zaune suna ji.

Akwai kuma waɗanda ake yawan mantawa da su. Kafintan da ya haɗa allunan da aka manna zane a kai, maigadin da ya riƙa buɗe aji ranar Asabar, iyayen da suka sayi fenti da takarda daga aljihunsu. Jimla ɗaya ta ishe su, amma a yi ta. Idan malaman da suka taimaka sun fi huɗu, kada a kama sunan wasu a bar wasu. Ko dai a ambaci kowa, ko a kira sashen gaba ɗaya a ware shugabansa kawai.

Yanzu ga zuciyar jawabin, wato jigo. Mu ɗauki misali: wata makarantar sakandare a Kano, ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ce za ta yi jawabi, jigon kuwa shi ne "Launin Garinmu". Akwai ayyuka 40, daga zanen fensir da fentin ruwa zuwa yadin rini, tukwane da ƙorai masu zane.

Kuskuren da aka saba shi ne a fara da ma'anar fasaha, ko a kwaso tarihin zane tun daga farkon duniya. Nan take za ku ga manya sun ciro waya. Abin da ya fi shi ne ɗalibar ta amsa tambaya uku a jere. Me jigon yake nufi, a jimla ɗaya? Daga ina ya fito? A ina baƙo zai gan shi a cikin ɗakin nan? Idan ta kasa faɗin ma'anar jigon a jimla ɗaya da ƙanenta ɗan aji ɗaya zai gane, to ita ma ba ta gama fahimtarsa ba, sai ta koma wurin malami kafin ta rubuta komai.

Ga yadda za ta iya cewa:

"Jigonmu na bana shi ne Launin Garinmu. An ce mu fita mu duba launukan da muke wucewa kullum ba mu lura da su ba, mu kawo su cikin aji. Mun dawo da guda uku: shuɗin marina, jan ƙasar ganuwa, da jan lallen da ke hannun iyayenmu mata. A hannunku na dama akwai yadudduka shida da muka ɗaure muka rina da baba. Idan aka tsamo yadi daga karofi, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ke ƙara masa duhu. Shi ya sa za ku ga na farko shuɗi ne mai haske, na shida kuwa ya kusa zama baƙi."

Ku lura da abin da ta yi. Ta nuna wuri da hannu, ta faɗi adadi, ta kuma ba baƙo wani abu da zai je ya tabbatar da idonsa. Uban da bai taɓa shiga baje kolin zane ba, yanzu yana da dalilin tsayawa a gaban yadi ya kwatanta na farko da na shida. Daga nan sai ta yi haka ga launi na biyu da na uku, amma a gajarce, jimla biyu-biyu. Aiki uku ya isa, kuma kada duka su zama nata ko na ƙawayenta. Ta ɗauki ɗaya daga ƙananan azuzuwa, domin da yawun dukkan ɗalibai take magana, ba da nata kaɗai ba.

Ana iya ƙara gaskiyar tarihi guda ɗaya don jigon ya sami gindin zama. Ga rini, marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, marina suna aiki da baba da toka da kanwa har yau. Ga tukwane, akwai Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda kusan kowa a ɗakin ya taɓa riƙewa. Ɗaya a ciki ta wadatar. Duk shekara ko sunan da za a faɗa kuwa, a kai wa malami ya duba tukuna, domin a irin wannan taro ba a rasa dattijon da ya san abin fiye da mai magana.

Bayan rubutu sai gwaji, kuma a wurin da za a yi taron ya kamata a yi shi, bayan an gama rataye ayyuka. Dalili kuwa, masu shirya ɗaki sukan sauya wa abubuwa wuri a daren ƙarshe. Idan ɗaliba ta ce "a hannunku na dama" alhali an mayar da yadudduka hagu, mutane za su waiga su ga bango. Ta kuma tuna cewa tana fuskantar jama'a ne, damarta ita ce hagunsu. A gwada sau uku da agogo a hannun wani. Idan ya haura minti uku da rabi, a rage daga gaisuwa da kalmomin yabo, kada a taɓa bayanin ayyuka.

Kada a hau mumbari da faffaɗar takarda, domin hannu na rawa ita ma za ta kama kaɗawa, makirfo kuma ya ɗauki ƙararta. A yanka kwali mai kauri gida huɗu, kowanne kamar tafin hannu, a rubuta lamba a kusurwarsa saboda ko sun zube. Katin farko na sunaye da muƙamai ne, shi kaɗai ake karantawa kalma bayan kalma. Sauran ukun kanun magana kawai za a sa musu. Makirfo kuma a riƙe shi kamar faɗin yatsu huɗu daga baki, kada a tsaya a gaban lasifika, don abin da ke jawo ƙarar nan mai huda kunne ke nan. Idan wuta ta ɗauke, ba a tsayawa jiran janareta. A matso gaba taku biyu, a ɗaga murya, a rage sauri, a riƙa kallon layin baya.

Saura miƙa taro. Ɗalibi ba ya cewa "na buɗe wannan baje koli", domin wannan hurumin babban baƙo ne ko shugaban makaranta. Abin da ɗalibar za ta ce shi ne: "Ranka ya daɗe, a madadin ɗaliban makarantar nan, muna roƙonka ka buɗe mana wannan baje koli. Bayan haka muna gayyatar iyayenmu su fara daga hannun dama, akwai ɗalibi a tsaye kusa da kowane aiki don amsa tambaya." Sai ta mayar wa mai gabatarwa makirfo, ta ajiye katunanta, ta je ta tsaya kusa da yadin farko, domin a can babban baƙo zai fara zagayawa, kuma ita zai fara yi wa tambaya.